Tambayoyi da amsoshi kan awon ƙasa da dutse kafin a sa tushen gini a ƙasar laka

Waɗannan tambayoyi ne da masu filaye da magina suke yawan yi mini, musamman waɗanda filayensu suka faɗa a baƙar laka irin ta hanyar Gombe zuwa Numan, da firkin Borno ta wajen Dikwa, Marte da Ngala, da kuma bakin fadamu a ko'ina. Na amsa su yadda nake amsawa a bakin rami. Abu ɗaya ne zai yi ta dawowa a cikinsu: laka ba ta da ƙarfi guda ɗaya tabbatacce, ƙarfinta yana bin ruwan da ke jikinta ne.

Maƙwabcina bai auna ƙasa ba, ga gidansa nan tsaye shekara goma. Me zai sa ni in kashe kuɗi a kan awo?

Gidan maƙwabci shaida ne mai amfani, kuma ni ma da shi nake farawa. Sai dai a je a dube shi da kyau. A zagaya bayansa, a duba kusurwoyin tagogi da saman ƙofofi, a duba katanga, a tambayi matan gida ko akwai ƙofar da take cijewa da damina ta saki da rani. Sau da yawa gidan da ake cewa lafiya lau yake, an yi masa faci sau uku, fenti ne ya rufe.

Ko da gidan nasa lafiya yake da gaske, bai zama hujja a kan naka filin ba. A wurin da ruwa ya taɓa kwanciya, ƙasa tana iya canjawa cikin taku ashirin. Shi yana kan tudun jar ƙasa, kai kana kan tsohon kududdufi da aka cike da shara shekarun baya. Kuma idan shi ƙaramin gida ya gina, kai kuma bene kake so, tambayar da kuke yi wa ƙasar ba ɗaya ba ce.

Ta yaya zan gane da idona cewa lakar filina mai kumbura ce?

Ka je filin a tsakiyar rani, wajen watan Maris ko Afrilu. Laka mai kumbura tana darewa ta yi tsaga mai faɗi, wata har hannu yana shiga, kuma idan ka zura kara za ka ga ya yi nisa. Ka sake komawa da damina: tsagar ta rufe ruf, ƙasar tana kama takalmi tana yin dunƙule a ƙafa, ruwa kuma yana kwanciya a kai ba ya shiga. Manoman masakwa sun san wannan ƙasa sarai, don riƙon ruwan nan nata shi ne yake ciyar da dawarsu bayan damina ta wuce. Abin da yake alheri ga manomi shi ne matsalar magini.

Dalilin yana cikin irin ma'adinin lakar. Baƙar laka tana ɗauke da wani ma'adini da ake kira montmorilonait, wanda yake kamar shafukan takarda siri-siri da ruwa yake shiga tsakaninsu ya buɗa su. Jar ƙasar da muka saba gini a kanta a Kano ko Zariya galibi kawolinait ce a cikinta, ita kuwa ba ta buɗewa haka. Shi ya sa ƙasa biyu za su zama laka duka, amma ɗaya ta zauna lafiya, ɗaya ta yi ta numfashi da gini a kanta. A arewa maso gabas, baƙar lakar tana fitowa ne daga ruɓewar baƙin dutsen aman wuta irin na tudun Biu da na Longuda, da duwatsun laka masu shafi-shafi, da kuma abin da ruwa ya shimfiɗa a kwarin tafkin Chadi.

Akwai gwaji biyu da kowa zai iya yi. Na farko, ɗebo ƙasar daga zurfin mita ɗaya, ka jiƙa ta kaɗan, ka murza ta a tafin hannu ta zama zare mai kaurin tsinken ashana, wato kamar milimita 3. Idan zaren ya yi tsawo bai karye ba, kuma kana iya lanƙwasa shi, lakar tana da danƙo sosai. Na biyu, busar da ƙasar, ka daka ta, ka tankaɗe, ka auna mililita 10, ka zuba a kwalba mai awo da ke da ruwa mililita 100, ka bar ta ta kwana. Idan ta kwanta a ƙasan kwalbar ba ta wuce mililita 15 ba, da wuya ta ba da wahala. Idan ta kai 20 ko fiye, wato ta ninka kanta, to kada a zana tushe sai an kai ta ɗakin gwaji.

Wata alama kuma da nake nema a cikin rami: idan ka fasa dunƙulen lakar ka ga fuska mai sulɓi tana ƙyalli kamar an goge ta da mai, wannan sawun motsi ne. Ƙasar ta daɗe tana gogar junanta tsakanin kumbura da tsukewa, kuma duk zurfin da kake ganin wannan ƙyalli, motsin ya kai nan.

Me ake nufi da ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma nawa ne mai kyau?

Shi ne nauyin da za a iya ɗora wa kowane murabba'in mita na ƙasa ba tare da ta fashe ta gefe ko ta nutse fiye da kima ba. A takardar rahoto za ka ga an rubuta shi da kN/m² ko kPa, duk abu ɗaya ne. Don sauƙi, kPa 100 ya yi daidai da kusan tan 10 a kan murabba'in mita ɗaya.

Ƙiyasin farko da injiniyoyi suka saba da shi ga laka shi ne: mai taushi ba ta kai kPa 75 ba, mai matsakaicin tauri tana tsakanin 75 da 150, mai tauri 150 zuwa 300, mai tauri ƙwarai 300 zuwa 600. Ana iya rarrabe su da hannu. Wadda ka matsa ta fito ta tsakanin yatsu, ba a gini a kanta. Wadda ka iya mulmula ta da ɗan matsi kaɗan, mai taushi ce. Wadda sai ka sa ƙarfi kafin ta mulmulu, matsakaiciya ce. Wadda ba ta mulmuluwa amma babban yatsa yana lotsa ta, mai tauri ce. Wadda sai farce yake iya yi mata alama, mai tauri ƙwarai ce.

Wannan ƙiyasi na fara tunani ne, ba na zana tushe ba. Kuma ka lura, laka ɗaya tana iya zama mai tauri ƙwarai a Afrilu, ta koma matsakaiciya ko mai taushi a Agusta.

Rami nawa za a haƙa, kuma zurfin nawa?

Ga fili irin na gida ɗaya, ƙafa 50 da 100 ko 100 da 100, ba na yarda da ƙasa da rami uku, don rami ɗaya ba ya nuna yadda shimfiɗar ƙasa take karkata. A sa su a jikin inda ginin zai zauna amma ba daidai inda fila za ta tsaya ba, domin ramin da aka mayar da ƙasarsa ya zama wuri mai rauni. Idan akwai ɓangaren filin da ya fi gangare ko ciyawarsa ta fi kore, lallai rami ɗaya ya faɗa can.

Zurfi kuwa yana bin faɗin tushe. Nauyin gini yana ratsa ƙasa har kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin tushen. Idan gindin fila zai yi faɗin mita 1.5 kuma zai zauna a zurfin mita 1.5, to sai an san abin da ke ƙasa har mita 4 ko fiye. Idan kuwa tushen shimfiɗa ne, wato kankare guda a ƙarƙashin dukan ginin mai faɗin mita 10, diga da shebur ba za su kai inda ake buƙata ba, sai injin haƙa. A laka mai kumbura akwai ƙarin sharaɗi: dole awon ya wuce iyakar inda danshi yake canjawa tsakanin rani da damina. A wuraren da rani yake da tsawo irin namu, wannan yanki yana iya kai mita 2 zuwa 3, kuma ya fi haka a kusa da manyan bishiyoyi.

A cikin ramin ana rubuta kaurin kowane shafi na ƙasa da launinsa da taurinsa, da zurfin da tsaga da saiwoyi suka kai, da inda ruwa ya fara tsattsafowa. A bar ramin ya kwana a rufe a ga ko ruwa zai taru. Samfurin da za a kai ɗakin gwaji a yanko shi dunƙule, a naɗe shi da leda nan take don kada ya bushe a hanya, a rubuta lambar rami da zurfi a jiki.

Ina roƙo a kan abu ɗaya. Kada a bar ɗan leburanci ya shiga ramin laka da ya wuce mita 1.2 ba tare da an tokare bangon da katako ko an kwantar da gefensa ba. Laka mai tsaga tana tsayawa kamar bango, sannan ta ɓalle gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba.

A nuna mini yadda ake lissafin da misali.

Mu ɗauka bene ne mai hawa ɗaya, kuma injiniya ya lissafa cewa filar tsakiya za ta sauke nauyin tan 30 a ƙasa, wato kN 300. An haƙa rami a watan Afrilu, a zurfin mita 1.5 aka tarar da baƙar laka da diga take tsalle a kanta. Aka gwada ta a yadda take, aka sami ƙarfin jurewar sulɓewa, wanda rahoto yake rubutawa cu, ya kai kPa 150.

Lissafi mafi sauƙi ga laka shi ne a ninka wannan adadi da 5.14 a sami nauyin da zai fasa ƙasar, sannan a raba da 3 don a bar rata ta tsaro. Abin da ya fito shi ne q, nauyin da aka yarda a ɗora.

```
q = 5.14 × cu ÷ 3
```

Da cu na 150, nauyin fashewa ya kama kusan kPa 770, wanda aka yarda a ɗora kuwa kusan 257. Raba kN 300 da 257, sai ka ga ana buƙatar gindi mai faɗin murabba'in mita 1.2, wato mita 1.1 kowane gefe. Mai gida ya ji daɗi, don kankare da rodi sun ragu.

Yanzu a ɗauki samfurin nan a jiƙa shi ya ƙoshi da ruwa, kamar yadda zai kasance a ƙarshen Agusta, ko bayan bututun banɗaki ya yi shekara yana yoyo a gindinsa. Mu ce cu ya sauko zuwa 60. Nauyin fashewa ya koma kusan kPa 308, wanda aka yarda a ɗora kuma kusan 100. Gindin da ake buƙata yanzu murabba'in mita 3 ne, wato mita 1.75 kowane gefe.

To me zai faru da wanda ya riga ya zuba gindi mai mita 1.1? Yana matsa ƙasa da kusan kPa 248, ita kuma tana fashewa a 308. Ratar tsaron da ya kamata ta zama ninki 3 ta koma ninki 1.2 da ɗan kai. Ginin ba lallai ya faɗi ba, amma filar za ta fara nutsewa, kuma za ta nutse fiye da filolin gefe masu ƙaramin nauyi. Bambancin nutsewar nan shi ne yake tsaga bango da dakin. Ba a yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba, an dai yi lissafin da ƙasar rani. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa duk wanda ya miƙo maka rahoto ita ce: a wane wata aka ɗebi samfurin, kuma an gwada shi a jiƙe?

Ni ƙaramin gida zan gina, ba bene ba. Ai ba shi da nauyin da zai dami ƙasa?

A laka mai kumbura, ƙaramin gida ya fi bene shan wahala. Bangon bulo inci 9 da rufin kwano yana sauke kamar tan 3 a kowace mita ta tsawonsa. Idan tushen ya yi faɗin santimita 67, kamar yadda aka saba yi ninki uku na bulo, matsin da yake yi wa ƙasa bai wuce kPa 45 ba. Lakar kuwa idan ta sha ruwa tana iya turowa sama da ƙarfin kPa 100, 200, wata ma fiye. Ƙasar ta fi gidan ƙarfi, sai ta ɗaga shi.

Da za ta ɗaga shi daidai wa daida, da ba a ji komai ba. Amma da damina gefen gida ne yake fara jiƙewa ya tashi, da rani kuma gefen ne yake fara bushewa ya sauka. Tsakiyar gida, da yake rana ba ta taɓa ta, tana tara danshi a hankali shekara bayan shekara, ta yi tozo. Shi ya sa za ka ga daɓen falo ya tashi, tayil yana fashewa, alhali gidan bai ɗauki wani nauyi ba. Katanga, baranda da matakalar ƙofa su ne suke fara nuna alama, don su ne mafi rashin nauyi.

Ga irin wannan gida, adadin da ya fi ƙarfin ɗaukar nauyi muhimmanci shi ne ƙarfin kumbura. Ana auna shi a ɗakin gwaji: a sa samfuri a zoben ƙarfe, a ba shi ruwa, a yi ta ƙara masa nauyi har a ga nawa ne yake hana shi tashi.

An ba ni rahoto cike da lambobi. Waɗanne zan duba?

Uku sun isa ka yi wa injiniya tambaya mai ma'ana. Na farko PI, ma'aunin danƙon laka. Ƙasa da 15 ba abin damuwa ba ne, sama da 35 kuwa alama ce ta laka mai kumbura sosai. Na biyu LL, yawan ruwan da lakar take sha kafin ta zama kamar kunu. Idan ya haura 50, a yi hattara.

Na uku N, daga gwajin SPT da ake yi a cikin ramin inji. Ana sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 a kan bututu, a tura shi santimita 45, a watsar da ƙirgan bugun santimita 15 na farko, a ƙirga bugun da ya ci a sauran 30. A laka, N da bai kai 4 ba taushi ne, 8 zuwa 15 tauri ne. Kimanin cu ana samunsa idan aka ninka N da 4.5 ko makamancin haka. Amma shi ma N na rani a saman mita biyun farko yana ruɗi, saboda dalilin da muka gani a misali.

A tabbata rahoton yana da taswirar inda aka yi kowane rami a filinka, da kwanan wata, da hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da take yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Na sha ganin rahoton wani fili an canja masa bango an kawo wa mai gida.

Muna haƙa sai muka ci karo da dutse. Shi ke nan an huta?

Wataƙila. Dutse na ƙwarai irin falalen da ake gani a Zariya, Bauci ko Dutse yana ɗaukar dubban kPa, fiye da abin da kowane gida zai nema. Amma sai an amsa tambaya uku.

Ta farko: dutsen uwa ne, ko ƙaton dunƙule ne da yake zaune cikin laka? Irin dutsen nan mai ƙyalli-ƙyalli yana ruɓewa ne ta hanyar tsagoginsa, sai ya bar manyan dunƙulaye a tsakiyar ƙasa mai taushi. Fila da ta hau kan irin wannan tana kan abin da zai iya jirkicewa. Ana ganewa ta hanyar faɗaɗa ramin a nemi gefensa, ko a huda shi da inji. Al'adar aikin ita ce a shiga cikin dutsen kamar mita 3 kafin a yarda uwa ce. Haka ma marmara: tana iya zama ɓawo mai kaurin rabin mita, a ƙarƙashinta kuma farar laka mai taushi. Idan faɗin gindin fila ya fi kaurin ɓawon nesa ba kusa ba, lakar ƙasa ce take ɗaukar nauyin.

Ta biyu: ya ruɓe ko bai ruɓe ba? A buga masa guduma. Mai lafiya yana ƙara tas, gudumar ta dawo. Wanda ya fara ruɓewa yana amsawa da murya a dushe, launinsa ya koma ruwan ƙasa, wuƙa tana kankare shi. Wanda ya gama ruɓewa yana da kamannin dutse amma yana marmashewa a hannu, kuma wannan ƙasa ce, da lissafin ƙasa za a bi shi.

Ta uku, wadda ta fi shafar masu ƙasar laka: wane irin dutse ne? A yankin Gombe da wasu sassan Sakkwato akwai dutsen laka mai shafi-shafi, ruwan toka ko baƙi, wanda yake da tauri ranar da aka tono shi. Ka ɗauki guntu, ka busar da shi a rana, ka jefa a kofin ruwa. Idan cikin 'yan sa'o'i ya farfashe ya koma taɓo, to sunan dutse kawai yake da shi. Irin wannan ba a barin raminsa a buɗe. Ranar da aka kai zurfin, ranar za a share a zuba siririn kankare a rufe fuskarsa. Inda kuma farar ƙasa ta siminti take, irin ta Kalambaina ko Ashaka, abin nema shi ne kogo, don ruwa yana cinye wannan dutse ta ciki.

Mene ne RQD da ake rubutawa a rahoton dutse?

Ma'auni ne na yawan tsagar da ke jikin dutse, wanda wani masanin duwatsu Ba'amurke mai suna Don Deere ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Idan inji ya yanko dutse kamar sandar rake, ana auna guntayen lafiyayyu da tsawonsu ya kai santimita 10 ko fiye, a haɗa, a raba da tsawon da aka huda, a mayar kashi cikin ɗari.

Misali an huda santimita 150, aka fito da guntaye masu tsawon 28, 7, 15, 4, 22, 9 da 12, sauran kuma tsakuwa. Waɗanda suka kai 10 su ne 28, 15, 22 da 12, jimla 77. Raba 77 da 150, ka sami kashi 51. Ƙasa da 25 dutse ne mai muni ƙwarai, 25 zuwa 50 mai muni, 50 zuwa 75 matsakaici, 75 zuwa 90 mai kyau, sama da haka kuma mai kyau ƙwarai. Namu ya tsallaka matsakaici da ƙyar.

Karayar da injin ya yi da kansa ba a ƙirga ta; ana gane ta da sabuwar fuska mai kaifi wadda guntayen biyu suke haɗuwa cif. Sannan RQD ba ya faɗin abin da ke cikin tsagar. Dutse mai kashi 80 wanda tsagoginsa suke cike da laka kuma suke gangarowa wajen kwari ya fi mai kashi 55 da tsagoginsa suke a matse kuma a kwance haɗari. Don haka a buɗe akwatin samfurin a gani da ido, a shafa fuskar tsagar da yatsa.

Rabin filina dutse ne, rabi laka. Yaya za a yi?

Wannan ya fi laka zalla wahala, don gefe ɗaya ba ya motsi ko kaɗan, ɗayan yana hawa yana sauka, ginin kuma ya karye a kan iyakar. Ko dai a zurfafa filolin gefen laka har su taka dutsen su ma, ko a raba ginin gida biyu da rata tun daga tushe har rufi, ko a matsar da shi gaba ɗaya gefe guda idan fili ya ba da dama.

Magini ya ce a kwashe lakar a cika da yashi. Daidai ne?

Idan lakar ba ta wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba, kuma akwai ƙasa mai kyau a ƙarƙashinta, kwashe ta duka shi ne mafi sauƙi. Amma yashi zalla a cikin ramin da laka ta kewaye kwano ne: ruwan sama yana shiga da sauri, ba shi da mafita, sai ya zauna yana shayar da lakar da ke ƙasa da gefe. Ciko mafi dacewa jar ƙasa ce mai tsakuwa wadda ba ta kumbura, a zuba ta shafi-shafi na santimita 15, a yayyafa ruwa daidai, a daddaɓe kowane shafi da inji kafin a ƙara wani, kuma cikon ya zarce layin bango ta waje.

Idan lakar tana da zurfi, hanya biyu ce. Ko tushen shimfiɗa mai haƙarƙarin bim a ƙarƙashinsa, wanda zai hau ya sauka a matsayin abu guda ba tare da ya lanƙwashe ba. Ko ginshiƙan kankare da ake hudawa su wuce yankin da danshi yake canjawa, a ɗora bim a kansu, a bar rata tsakanin bim da ƙasa don lakar ta sami inda za ta kumbura. Masu gini a baƙar lakar Indiya sun daɗe suna amfani da irin wannan ginshiƙi mai kumburarren gindi, wanda yake riƙe shi kada a tumɓuke shi sama. Wanda ya manta ratar nan ya zuba bim kai tsaye a kan laka, ya ɓata kuɗin ginshiƙan.

Kowace hanya aka bi, sai an tsare danshin da ke kewaye da gidan. A yi daɓen kankare mai faɗin aƙalla mita 1.5 a zagaye, yana gangarawa waje. Ruwan indararo a kai shi kwata, kada ya zuba a gindin bango. Sokawe da tankin ruwa su yi nisa da tushe, aƙalla mita 5. Darbejiya da turare da mangwaro a dasa su nesa da bango gwargwadon tsayin da za su kai idan sun girma. Babbar bishiyar da aka tarar a filin kuma, idan aka sare ta, ƙasar da ta daɗe tana tsotsa za ta yi shekaru tana kumbura, don haka a gaya wa injiniya inda take tun kafin a tumɓuke kututturen.

Na riga na gina, bango ya tsage. Ta yaya zan san ko ƙasa ce?

Tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yawo ko'ina, ba ta ratsa bulo. Tsagar motsin ƙasa tana tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, ana ganinta ciki da waje, kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Idan ta fi faɗi a sama, kusurwar gidan ce ta sauka ko tsakiya ta tashi. Idan ta fi faɗi a ƙasa, gefe ne ya tashi ko tsakiya ta nutse.

Kada a yi gaggawar faci. A ja layin fensir a kan tsagar a wurare biyu ko uku, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a bango, a sake aunawa kowane wata har rani da damina su zagayo. Wadda take buɗewa da rani ta rufe da damina, laka ce take numfashi, kuma maganinta yana farawa da gyaran magudanar ruwa, neman bututun da yake yoyo, da duba bishiyoyin kusa. Wadda take ƙara faɗi kowane wata ba ta komawa, nutsewa ce, kuma tana buƙatar a tona gefen tushen a ga abin da yake zaune a kai. Idan faɗin ya wuce milimita 5 a kira injiniya ya duba. Idan ya kai 15, ko bangon ya fara karkata, ko tsagar ta shiga fila ko bim, a fitar da mutane daga wannan ɓangaren gidan a tokare shi kafin injiniyan ya iso.